Shekarar da Na Wanke Sunan Yohanna

Na san abin da ake faɗa muku a kaina a kasuwar Warra. Wasu na cewa uwarku ta shiga coci bayan ta dawo daga Makka, wasu na cewa tsufa ne ya taɓa mata kai. Ban shiga coci ba, a tsakar filinta na tsaya, kuma da hankalina na je. Shi ya sa na sa aka sayo mini wannan littafin rubutu, don ku ji zancen daga bakina, ku da jikokina, kafin wani ya ba ku shi a karkace. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, in kun ga kuskure ku gyara, amma kada ku rage komai don a rufa mini asiri. Rufin asirin ne ya kai ni inda na kai.

Kun san ni da tsoro. Ni ce mai sake alwala sau uku don ban tabbata ruwa ya taɓa dugadugina ba. Ni ce mai komawa gida daga bakin ruwa don in duba ko na rufe tukunya. Marigayi babanku yakan ce da waswasi sana'a ce da tuni na gina gidan sama a Yelwa. To ku duba ikon Allah, macen da ba ta iya barin tukunya a buɗe ita ce ta bar wuta a buɗe, sannan ta yi ƙarya a kai.

A lokacin muna zaune a tunga, bakin tafki, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba zuwa Warra a jirgi. Sana'ata banda. Maza su kamo kifi, mu mata mu fafe shi, mu lanƙwasa tarwaɗa mu soke wutsiya a baki, mu jera a kan waya, mu sa wuta a ƙasa. Akwai ƙa'ida ɗaya da kowace mai banda ta sani tun tana yarinya: ba a barin banda da wuta sai an ba wata amanarta. Tarwaɗa mai ƙiba tana zubar da mai, man ya ɗiga a kan garwashi, wuta ta tashi ta kama zanar da aka rufe kifin da ita. In za ki tafi ko da bayan gida ne, sai ki kira maƙwabciya ki ce ga wutata nan, ita kuma ta amsa da baki. In ba ta amsa ba, ba ki tafi ba.

Bandata tana jikin dangar rumfar taru. Taru shi ne babbar komar da mutum goma ko fiye suke ja, na gidan Sarkin Ruwa ne, kuma rabin gidajen tungar da shi suke ci. Mai kula da rumfar, mai ɗinke komar in ta yage, shi ne Yohanna, Bakambare daga wani ƙauye a ƙasar Ngaski. Shi da matarsa Rahila su kaɗai ne Kirista a tungar. Rahila ƙawata ce ta ƙut da ƙut. Ita ta riƙe ni ranar da na haifi Sani, ita ta dinga dafa mini ruwan wanka har na yi arba'in. Yohanna mutum ne mai shiru, ba shi da abokin faɗa, aibinsa guda shi ne taba. Yakan naɗe ta a takarda ya sha a ɓoye, don cocinsu ta hana, Rahila kuma tana yi masa faɗa a kai.

Ranar kasuwar Warra ce. Na cika banda da tarwaɗa da hantsi, sai na ji mai jirgi yana kira, ga kwandunan busasshen kifina biyu an riga an ɗora. Na ƙwala wa Rahila kira ta bayan danga na ce ga wutata nan. Ban ji ta amsa ba. Na tsaya, na san ban ji ba, amma injin ya riga ya tashi, sai na ce wa kaina ai ta ji. Ashe ta tafi ɗiban itace. Da muka dawo bayan azahar, tun daga tsakiyar ruwa muka hango hayaƙi. Rumfar taru ta ƙone ƙurmus. Ina sauka na nufi bandata, na ga yadda wutar ta bi zanata ta hau danga ta tsallaka. Kowa yana can wajen rumfar. Na ɗauki tsintsiya na watsa tokar, na janye ragowar zanar na jefa a ruwa.

Washegari Sarkin Ruwa ya tara mutane a gindin tsamiya. Da aka zo kaina ya tambaye ni ko na bar wuta. Na ce na kashe ta da hannuna kafin in shiga jirgi. Ya ce to wa na gani kusa da rumfar. Na ce na ga Yohanna zaune a bakin ƙofa yana shan taba. Wannan gaskiya ne, na gan shi da safe. Amma na san dalilin da ya sa na faɗe ta, kuma na san inda za ta kai shi. Yohanna bai musa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sha, ya kuma ce yana jin ya take guntun da ƙafa, amma ba zai rantse ba. Ba a doke shi ba, ba a kai shi kotu ba. An dai ce ya bar tungar. Cikin kwana uku suka kwashe kayansu suka koma ƙauyensu noma, shi da bai taɓa iya noma ba. Na taya Rahila ɗaure kaya, ina kuka tana ba ni haƙuri.

Shekara ashirin da biyu na yi da wannan. Yohanna ya rasu a ta tara. Rahila ba ta taɓa yanke zumunci ba, duk kaka sai ta aiko mini da gyaɗa da sabuwar dawa, ni kuma in aika mata kifi. Istigfari kuwa babu irin wanda ban yi ba. Na yi azumin Litinin da Alhamis, na yi sadaka, na yi kuka a sujada. Ina ce wa kaina Allah Mai gafara ne, kuma ai na tuba. Amma duk ranar da buhun gyaɗar nan ya iso, abinci ba ya shiga cikina.

Sai shekarar da Sani ya biya mini kujerar Makka. Kun san al'adarmu, mai niyyar hajji yakan zaga dangi da maƙwabta yana neman yafiya, don ba a san ko za a dawo ba. Na zaga tunga, na zaga Warra, na je Yelwa wurin ƙannena. Sannan na hau mota zuwa ƙauyen su Rahila. Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na ce ta yafe mini abin da na yi mata, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ke Balki, mi kinka taɓa yi mini in ba cinye mini gyaɗa ba? Na yafe miki duniya da lahira. Ki dai sawo mini turare."

Na dawo gida ina murna, kwana biyu na yi ina jin kamar an sauke mini dutse. A rana ta uku waswasina ya tashi, kuma wannan karon yana da gaskiya. Ta yafe abin da ba ta sani ba. Da ta sani fa? Sai na tafi wurin Malam Usmanu, limamin tungarmu, wanda yake karantar da mu matan aure bayan la'asar. Na fara da cewa wata mata ce ta aiko ni da tambaya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in gaya wa matar ta zauna da kyau, tunda ga ta nan gabansa.

Abin da ya karantar da ni ranar ban manta ko ɗaya ba. Ya ce tuba tana da sharuɗɗa uku in laifin tsakanin bawa da Ubangijinsa ne: ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba. Ba ka bukatar kowa ya tsaya maka a tsakani, ba ka bukatar faɗa wa liman ko waninsa, hasali ma an fi son ka rufa wa kanka asiri. Ko laifin ya kai yawan ruwan tafkin nan, in ka cika ukun nan Allah Yana karɓa. Amma in akwai haƙƙin wani mutum a ciki, sai sharaɗi na huɗu ya shigo: a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, ko a nemi ya yafe. Ya ce Allah Yana yafe nasa, amma na bawa Ya bar wa bawa, don Shi Mai adalci ne. Wanda ya mutu da haƙƙin wani, ranar hisabi babu kuɗi babu kifi, daga ladansa za a ɗiba a biya, in ladan ya ƙare a ɗebo zunubin wancan a ɗora masa. Na tambaye shi ko hakan har da wanda ba Musulmi ba. Ya ce zalunci ba ya tambayar addinin wanda aka yi wa, kuma haƙƙin maƙwabcin da ba Musulmi ba abin tsoro ne ƙwarai.

Na ce ai Rahila ta yafe a dunƙule. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan wannan. Da gulma ce kawai na yi, wadda ba ta kai kunnenta ba, da wasu sun ce kada in tayar da fitina, in yabe ta a inda na zage ta ya wadatar. Amma nawa shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai, kuma ta raba mutum da sana'arsa da mutuncinsa. Irin wannan sai na ƙaryata kaina a inda na yi shaidar. Tarun kuma na masu shi ne, sai sun yafe ko na biya. Sai na yi tambayar da ta fi damuna: Yohanna ya mutu, ko in yi ta roƙa masa gafara, in yi sadaka a kai masa ladan? Malam ya ce da Musulmi ne da ya ce in yi. Amma wanda ya rasu a kan wani addini ba a umarce mu da nema masa gafara ba, lamarinsa yana wurin Allah. Abin da ya rage mini shi ne in wanke sunansa, in kyautata wa iyalinsa, in kuma yawaita aikin alheri ina fatan Allah Ya gamsar da shi a madadina ranar.

Da na faɗa wa Sani zan fito in faɗi gaskiya, bai so ba. Ya ce, Inna, wa ya tambaye ki? Ya ce mutumin ya mutu, Sarkin Ruwan ya mutu, sai ki tona wa kanki asiri ki bar mu da kunya a kasuwa. Ban ga laifinsa ba. Na ce masa kujerar da ya biya mini ba zan iya zama a kanta da wannan ba.

Na koma ƙauyen. Na faɗa wa Rahila komai, har tsintsiyar da zanar da na jefa a ruwa. Ba ta katse ni ba. Na yi zaton za ta zage ni, kuma wallahi zagin nake so. Sai ta ce, da wata irin murya da ban san ta da ita ba:

"Na ji. Na yafe miki. Tashi ki tafi kada mota ta bar ki."

Ba ta raka ni ba. Bayan kwana huɗu na tsaya a gindin tsamiyar nan gaban Sarkin Ruwa na yanzu, ɗan wancan, da dattawan da suka rage, na ce ni na ƙone rumfar taru, Yohanna ba shi da laifi. Sarkin Ruwa ya ce haƙƙin gidansu sun yafe. Wata tsohuwa ta ce dama ita tun ranar ta ga idona bai kwanta mata ba. Na tafi Makka da wannan. A Arfa mutane suna kuka suna murna an wanke su, ni ma na yi kuka, amma na riga na ji daga Malam cewa hajji yana kankare abin da ke tsakaninka da Allah ne, ba ya cinye haƙƙin mutane. Muryar Rahila kuma tana kunnena. Na san yadda take magana in ta yafe, na ji ta a karon farko, ta karo na biyu kuwa ba irinta ba ce.

Da na dawo kowa ya zo barka da sauka ban da ita. Wata uku babu labari. Sai ɗiyarta Saratu, wadda ke aikin jinya a Yelwa, ta zo gidana ranar wata Asabar. Ba ta zauna ba. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, ta zo ne in san abin da na yi wa uwarta. Ta ce tun ranar da na je, Rahila ba ta ƙara cin Jibin Ubangiji ba. Na ce mene ne shi. Ta ce gurasa ce da ruwan inabi da suke karɓa a coci lokaci zuwa lokaci don tunawa da mutuwar Yesu, kuma an koya musu kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu. Mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya je su shirya tukuna. Uwarta, wadda ta shekara talatin tana cikin ƙungiyar zumuntar matan coci ba ta taɓa fashi ba, yanzu in an zo rabawa sai ta naɗe hannu a zani. Kowa yana gani.

"Ke kin sauke kayanki, Hajiya," in ji Saratu. "A kan wa kika sauke su?"

Washegari Lahadi ce, na bari sai Litinin na tafi. Na tarar da Rahila ta rame. Na ajiye turaren da ta ce in sawo, ba ta taɓa shi ba. Na ce mata in ba ta yafe ba ta janye maganarta, a addininmu mai haƙƙi yana da ikon riƙe haƙƙinsa, yafewa ta fi lada amma ba dole ba ce, in tana so ta bar ni da shi har gaban Allah ba ta yi laifi ba. Na ɗauka sauƙi nake kawo mata. Sai ta ce ai nan ne wahalarta take, ita ba ta da wannan ikon. Ta ce kowace safiya tana addu'ar da Yesu ya koya musu, a ciki tana roƙon Allah Ya gafarta mata kamar yadda take gafarta wa masu yi mata laifi. Yanzu in ta iso wurin sai bakinta ya yi nauyi, don in Allah Ya yi mata kamar yadda take yi mini, ta shiga uku.

Mun daɗe muna magana ranar, irin wadda ba mu taɓa yi ba duk zamanmu tare. Na ce mata ita mace ce mai kirki, wane zunubi take da shi da za ta ji tsoro. Ta ce a wurinsu zunubi ba abin da hannu ya aikata kaɗai ba ne, wani ciwo ne da aka haifi kowa da shi tun daga Adamu, kuma ba mai warkar da kansa da azumi ko sadaka. Sun gaskata Yesu ya mutu a kan gicciye ya ɗauki hukuncin, wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi an yafe masa kyauta, ba don aikinsa ba. Aikin kirki yana biyo baya ne don godiya. Wanda kuwa aka yafe wa babban abu kyauta, ba shi da bakin da zai shaƙe wani a kan ƙarami. Ta ce 'yan Katolika sukan je su faɗa wa Fada zunubansu ya sanar musu da gafara, su a cocinsu kai tsaye suke faɗa wa Allah, sai in laifin ya fito fili ne ake tsayawa gaban jama'a. Ni kuma na gaya mata namu: jariri yana zuwa da tsarkinsa, Annabi Adamu ya yi kuskure ya tuba an karɓa tun a can, ba a gadar mana da shi ba, kuma babu rai mai ɗaukar nauyin wani rai. Annabi Isa muna girmama shi, amma ba mu ce an gicciye shi ba. Mu ma ba aikinmu ne zai shigar da mu Aljanna ba sai rahamar Allah, amma akwai ma'auni, kuma akwai Yohanna tsaye a gabansa yana jirana. Ta ce Yohanna ba ya bukatar ladana, an riga an biya masa. Na ce ko ba ya bukata, ni ana bina. Ba ta juya ni ba, ban juya ta ba, kuma ba wadda ta yi ƙoƙari.

Sai na tambaye ta ko kafin ya rasu ya taɓa cewa ya yafe wa wanda ya jawo masa wannan. Da wannan fatan na zo, in faɗa muku gaskiya. Na ce a raina mutum mai addini irinsa ba zai rasa faɗin haka ba, in ya faɗa na tsira. Rahila ta dube ni ido cikin ido.

"Wa zai yafe wa, Balki? Shi ya ɗauka shi ne. Ke ba ki taɓa ƙarya ba, kowa ya san ki da tsoron Allah. Tunda kinka ce kin kashe wutarki, sai ya ce to tabarsa ce."

Ta ce watan da suka dawo ƙauye, Yohanna ya tashi gaban jama'ar coci ya ce ya yi zunubi, ya sha abin da aka hana shi a ɓoye, ya ƙone abincin gidaje da yawa. Dattawan coci suka sa shi ƙarƙashin horo wata shida, yana zama a bencin baya, ba ya cin Jibi, ba ya karanta Littafi a gaba kamar yadda ya saba. Bayan an mayar da shi ma bai ƙara yarda ya hau gaba ba. Bai ƙara taɓa allurar ɗinkin koma ba, ko da masunta suka biyo shi har ƙauye. Har ciwon ajalinsa yana cewa Yesu ya yafe masa, amma shi yana ganin yaran tungar da suka kwana da yunwa a shekarar. Ta ce korar ba ta dame ta ba, talaucin ma ta yafe tun ranar da na faɗa. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne shekara tara tana kwana da mutum yana tuba daga zunubin da ba nasa ba, ita kuma tana taya shi.

Ban san abin da na ce ba. Na tuna dai na ce ta faɗi duk abin da take so in yi. Ta ce gafara ba saye ake ba, ba za ta sa mini farashi ba, ko na yi ko ban yi ba dole ta ci gaba da kokawa da zuciyarta har ta sake ni. Amma akwai abu guda da ba nata ba ne, na Yohanna ne. Na wanke shi a tunga, inda yawancin waɗanda suka san shi sun mutu. Jikokinsa kuwa a nan suke girma, inda ake ba da labarin kakansu don a tsoratar da samari daga taba.

Kwana shida na yi ina juya abin. Hajiya sabuwar dawowa, a ƙofar coci ranar Lahadi. Na koma wa Malam Usmanu da tambayoyi har ya gaji: in sun yi waƙa fa, in sun yi addu'a in ce amin ko in yi shiru, alwalata tana nan? Ya ce ba ibadarsu za ni ba, haƙƙi zan mayar, kuma a inda ɓarnar ta kai nan gyaran yake zuwa. Ya ce in tsaya a fili in an tashi, in faɗi gaskiya, in dawo in yi azahar ɗina. Haka na yi. Faston ya tsayar da mutane a ƙarƙashin mangwaro bayan sun fito. Na tsaya da hijabina, na ce sunana Balkisu, ni na bar wuta, ni na share toka, ni na yi ƙarya, Yohanna bai ƙone komai ba. Wani tsoho cikin dattawan da suka yi masa horo ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Faston ya ce su ma suna da tasu tubar, kuma za a rubuta gyaran a littafin coci kusa da sunansa.

Sai bayan wata biyu Saratu ta kira Sani a waya ta ce a gaya mini Mama ta miƙa hannu ta karɓi Jibi. Da kaka Rahila ta zo da kanta. Ta zauna a tabarmata ta ce nata ta yafe, wannan karon har ciki, ko da yake wata safiyar sai ta sake yafewa daga farko. Na ce na Yohanna fa. Ta ce wannan ba ta da ikon ba ni, ita ta tabbata in mun haɗu ba zai riƙe ni ba, amma tabbacinta nata ne.

A nan nake har yau. Malam ya ce mumini yana rayuwa tsakanin tsoro da fata, kuma yanke ƙauna daga rahamar Allah shi ma zunubi ne, don haka ina ƙoƙarin kada tsoron ya rinjaya. Wasu ranakun ina iyawa. Ga abin da nake so daga gare ku. Ranar da na mutu, liman zai tashi kamar yadda aka saba ya ce duk wanda marigayiya ta yi wa laifi ya yafe mata, jama'a su amsa gaba ɗaya. Kada ku tsaya a kan wannan amsar. Kafin a ɗauke ni, ɗayanku ya kira gidan Yohanna, ya faɗi sunana, ya faɗi laifin da sunansa, ya roƙi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. In wani ya ce bai yafe ba, kada ku matsa masa, ku yi masa godiya. Haƙƙinsa ne.